Yadda na rubuta labarin aikina a LinkedIn da rijiya ɗaya

Sana'ata haɗa famfunan ruwa masu aiki da hasken rana da gyaran su. Na daɗe ina yi a ƙarƙashin wani ɗan kwangila a nan Damagaram, muna zagaya ƙauyukan Mirya, Magariya da Matamai, wani lokaci har wajen Tanut. Aikin kwangila kuwa kowa ya san halinsa, in an samu kasuwa ba ka da lokacin cin abinci, in ta yanke sai zaman fada da shan shayi. Abin da nake so a lokacin shi ne aiki tsayayye na kula da famfuna, ko a kamfani ko a ƙungiyar da ke aikin ruwan sha. Wannan ne ya sa na koma kan shafina na LinkedIn, wanda na buɗe tuntuni da suna da hoto da jerin wuraren da na yi aiki, amma akwatin nan da ake rubuta bayanin kai yana nan fanko. Mai waya da Faransanci zai ga an rubuta masa `Infos`, mai Ingilishi kuma `About`.

Akwatin yana ɗaukar harafi 2,600, har da sarari tsakanin kalmomi. Amma wanda ya buɗe shafinka ba duka yake gani ba. Layi uku ko huɗu na farko ne suke fitowa, daga nan rubutun ya yanke da `voir plus`, sai wanda ya ga dama ya danna ya ga sauran. A waya layukan gajeru ne, abin da ke fitowa bai wuce jimla biyu ba. Duk tsarin rubutun nawa daga nan ya taso.

Kafin in rubuta komai na zauna na karanta na mutane, musamman na abokan sana'a da na matasan da suka fito daga Jami'ar André Salifou. Kusan duk bakinsu ɗaya: matashi ne mai kuzari, mai himma, mai son aiki da jama'a, mai iya aiki cikin matsi, a shirye yake ya fuskanci sababbin ƙalubale. Wasu ma sun rubuta kamar wani ne yake ba da labarinsu, "wane ƙwararre ne a fannin kaza", alhali kowa ya san shi ya rubuta da hannunsa. In ka rufe sunan da yatsa, ba za ka iya cewa wannan mai lantarki ne ko akanta ko malamin asibiti ba. Ban ga laifinsu ba, daga takardar neman aiki da ake koya mana tun a lakkwal suka kwaso, ita kuwa takardar an yi ta ne don ladabi ga mai ofis. Na dai ƙudurta cewa duk jimlar da wani zai iya ɗauka ya liƙa a nasa shafin ba tare da ya canja komai ba, ba za ta shiga nawa ba.

Ina da yaya, ɗiyar wan mahaifina, wadda take aiki a sashen ɗaukar ma'aikata na wata ƙungiya a Yamai. Ta zo gida hutu, na same ta da maganar. Ban gama bayani ba ta tare ni.

"Ƙanena, wa kake so ya karanta?"

Na ce duk wanda zai ba ni aiki.

"Babu wani mutum mai suna duk wanda. Ni ce? Ko injiniyan da ke riƙe da aikin ruwa? Ko maigarin da famfonsu ya tsaya? Maigari ba ya kan LinkedIn, lambarka yake da ita. Zaɓi ɗaya."

Ta bayyana mini yadda abin yake tafiya a wurinsu. Dosiye yana zuwa da yawa, a tace, a fitar da ƴan kaɗan, a miƙa wa shugaban sashen da ke neman ma'aikacin. Shi ne sau da yawa yake buga sunan mutum ya ga abin da zai fito. Ya riga ya ga takardun karatunka da jerin wuraren da ka yi aiki, ba ya bukatar a maimaita masa. Tambayar da ke ransa ita ce: in na tura wannan mutum ƙauye mai nisan kilomita 80 shi kaɗai, famfo ya tsaya, zai gano matsalar ko zai bugo mini waya yana jiran umarni? Shi na zaɓa. Na rubuta a saman takardata, don kaina kawai: ina rubuta wa injiniyan aikin ruwan sha, ina so in ya gama karantawa ya kira ni a kan aikin kula da famfuna a jihar Damagaram. Wannan layin bai shiga shafin ba, amma da shi na auna duk jimlar da ta shiga.

Amfaninsa ya fito nan da nan, domin ya yanke mini abubuwa da yawa da nake ji da su. Na iya haɗa lantarkin gida, na taɓa sayar da batura da fitilu a wajen Kasuwar Dole, na koyar da lissafi a wata makaranta mai zaman kanta kafin in kama wannan sana'a. Duk gaskiya ne, kuma duk suna da wurinsu a ƙasa, inda ake jera ayyuka da shekarunsu. Amma injiniyan nan bai damu da fitilu ba. In na zuba su a akwatin, abin da zai fahimta shi ne ni mai taɓa kowane abu ne, ba mai famfo ba.

Sai zaɓen labarin. Mutane da yawa in aka ce su rubuta labarinsu sai su faro daga haihuwa: an haife ni a Birni, na yi firamare a kaza, tun ina yaro nake son kwance rediyo. Wannan tarihi ne, kuma kafin a zo inda ake so layi ukun nan sun ƙare. Abin da ake bukata aukuwa ɗaya ce daga cikin aikin, wadda a cikinta aka ga matsala, aka ga abin da kai ka yi da hannunka da kanka, aka ga yadda ta ƙare. Na jera ayyukan da nake tunawa da su. Akwai babban aikin da muka kafa farantan hasken rana masu yawa da shato mai tsayi, wanda hotonsa ya fi kowanne kyau. Na ajiye shi, saboda a can umarni na bi, zanen wani ne, lissafin wani ne, ni ɗaure ƙusa da jan waya na yi. Na ɗauki wani ƙaramin aiki da ba shi da hoto ko ɗaya, domin a nan ne ni na yanke shawara.

Ga yadda abin ya faru. A wani ƙauye da ke gabas da Mirya famfo ya ƙone sau biyu cikin shekara guda, kuma duka biyun da bazara. Kwamitin ruwa na garin sun tara kuɗi sun sayi na uku, aka turo ni in saka. Da na tambayi matan da ke ɗiban ruwa yadda yake yi kafin ya mutu, suka ce da safe lafiya lau, amma in rana ta take sai ruwan ya riƙa zuwa yana yankewa, yana tofar da iska, wani lokaci da yashi-yashi. Duk mai wannan sana'a ya san abin da wannan ke nufi. Famfon da ke cikin rijiya ruwan da ke ratsa jikinsa ne yake sanyaya injinsa, in ruwa ya sauka ƙasa da bakinsa ya fara shan iska, zafi ne zai kashe shi. Na ce ba zan saka sabon ba sai na auna. Na zura igiyar awo, wadda ke ƙara in ta taɓa ruwa, na kunna famfon gwaji, na riƙa rubuta zurfin ruwa daga hantsi har azahar. Rijiyar ba ta ba da abin da ya wuce lita 3,000 a awa, tano 15 ke nan, famfon kuwa in rana ta yi ƙarfi yana jan lita 5,000. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu, garin Damagaram kansa a kan dutse yake zaune, kuma rijiyoyin da aka haƙa cikin dutse ruwansu daga tsagogi yake tsattsafowa, ba ya zuwa da yawa. Na rage gudun famfon daga akwatin sarrafawa ya tsaya wajen lita 2,500 a awa, na ɗaura na'urar da ke kashe shi in ruwa ya sauka, na nuna wa yaron da ke kula da wurin abin da fitilun akwatin suke nufi. Shato mai lita 15,000 yana cika cikin awa shida na rana mai kyau, wato kafin la'asar, famfon kuma ya wuce bazara biyu bai tsaya ba.

Na faɗi labarin da tsawo a nan don a ga yawan abin da aka zubar. A akwatin, jimla biyar ya zama.

Ban fara da rubutu ba. Faransancin ofis yana da wata al'ada, da ka ɗauki alƙalami sai ya ja ka zuwa "ina da alfarmar gabatar da kaina", kafin ka ankara ka zama wani mutum dabam. Na kunna abin ɗaukar murya a waya, na ba da labarin da Hausa kamar yadda zan faɗa wa abokin sana'a, sannan na saurara na rubuta. Daga wannan ne na yi na Faransancin, tunda shi ne masu ɗaukar aikin suke karantawa a ofis. Na yi rubutun a littafin waya, ba kai tsaye a cikin akwatin ba, saboda in rezo ya ɗauke lokacin da kake ajiyewa kana iya rasa duk abin da ka buga.

Abin da ya fi ba ni wuya kalmar "ni" ce. An raine mu da cewa yabon kai jahilci, kuma ba a banza aka faɗa ba. A gaban manya ba ka cewa na iya, sai dai ka ce muna taɓawa. Na lura hannuna yana gudu zuwa "muka auna", "aka gano", "aka gyara". Yayata ta karanta ta ce:

"Ku wa? Kai da wa kuka auna?"

Na ce ni kaɗai ne, sai yaron da ya riƙe mini igiya.

"To rubuta na auna. In ka ce an gano, ni mai karatu zan ɗauka maigidanka ne ya gano, kai kana tsaye."

Da na zauna da maganar sai na ga inda iyakar take. In na ce ni ƙwararre ne, ni haziƙi ne, na yabi kaina, kuma ba wanda ya isa ya tabbatar. In na ce na auna rijiya na samu lita 3,000, ban yabi kowa ba, abin da ya faru na faɗa, kuma wanda ya yi shakka yana iya zuwa ƙauyen ya tambaya. Don haka na cire duk wata siffa da na ba kaina, na bar aikatau da adadi. Inda aikin na taro ne na bar "muka", inda nawa ne na sa "na". Wannan rarrabewar ma tana da nata amfani, injiniya ya san ba mutum ɗaya ke kafa shato ba, in ya ga ka ce kai kaɗai ka yi komai zai daina yarda da sauran maganar.

Ga abin da na sa a ƙarshe, a Hausarsa:

"Ina haɗa famfunan rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, ina kuma gyara su, a ƙauyukan jihar Damagaram. Aikin da na fi sani shi ne gano dalilin da ya sa famfo yake mutuwa, kafin a sayi wani.

A wani ƙauye kusa da Mirya famfo ya ƙone sau biyu cikin shekara guda. An turo ni in saka na uku, na ce sai na auna rijiyar tukuna. Tana ba da lita 3,000 a awa, famfon yana jan 5,000, da rana tsaka iska yake sha. Na rage gudunsa, na saka na'urar da ke tsayar da shi in ruwa ya sauka, na koya wa mai kula da wurin karanta fitilun akwatin. Bazara biyu ke nan bai tsaya ba.

Tun daga nan ba na taɓa famfo sai na ga takardar gwajin rijiya, in babu in auna da kaina. Ina lissafin yawan faranti da kaurin waya, ina saita akwatunan Grundfos da Lorentz, ina rubuta rahoton kowace ziyara. Ina aiki da kwamitocin ruwa da Hausa, ina rubutu da Faransanci. Ina da lasisin tuƙi, kuma na saba kwana a ƙauye.

Ina neman aikin kula da famfuna na dindindin a jihar Damagaram, a kamfani ko ƙungiyar da ke aikin ruwan sha. In kuna da famfunan da ke yawan tsayawa, ku aiko mini da saƙo a nan, zan turo muku samfurin rahotona."

Bai kai rabin abin da akwatin ke ɗauka ba, kuma ban ga dalilin cika shi ba.

Sakin farko shi na fi daɗewa a kai, tunda shi kaɗai ne nake da tabbacin za a gani. Na yi tunanin in buɗe da labarin kai tsaye, "famfo ya ƙone sau biyu", don ya ja hankali. Yana ja ɗin, amma in rubutun ya yanke a nan, mai karatu bai san ko ni na ƙona shi ba. Shi ya sa na sa sana'a da wuri a jimlar farko, abin da ya bambanta ni a ta biyu, labarin ya biyo baya a matsayin shaida. Sallama da gaisuwa da godiya ga wanda ya ziyarci shafin duk na bar su, ba don rashin ladabi ba, sai don za su cinye layin da ba ni da wani kamarsa. Na kuma duba layin da ke ƙarƙashin sunana, wanda yake ɗaukar harafi 220, na tabbatar ba maganar da ke can na sake maimaitawa ba. Can sunan sana'a ne da gari, nan kuma abin da nake yi da sana'ar.

Akwai abubuwan da na cire daga labarin da gangan. Sunan ƙauyen bai shiga ba, haka sunan ƙungiyar da ta haƙa rijiyar, haka wanda ya saka famfon farko. Garin nan ƙarami ne a wajen masu wannan sana'a, da na ambaci ƙauyen kowa ya san wanda ya yi aikin, kuma labarin ya tashi daga shaidar aikina ya koma tonon asirin wani. Mai ɗaukar aiki da ya ga ka fallasa na baya ya san gobe shi za ka fallasa. Na je kuma na sami tsohon maigidana na karanta masa, tunda a ƙarƙashinsa na yi aikin. Ya saurara ya ce, "Ai haka aka yi. Amma bazara biyu ka ce? Ka kira su ka ji, kada ka rubuta abin da ba ka tabbatar ba." Na kira shugaban kwamitin ruwan, ya ce famfo yana nan yana aiki. Duk adadin da ka sa a wannan akwati tambaya ce ka ajiye wa kanka ranar ganawa, za a ce yaya ka auna, da wace na'ura, a zurfin mita nawa. In ƙari ka yi, a nan za a kama ka.

Sakin layi na uku shi ne wurin kalmomin da ake bincike da su. Masu neman ma'aikata suna buga kalma a akwatin bincike, kuma shafin da ke ɗauke da kalmar ya fi samun damar fitowa. Na buɗe sanarwar neman ma'aikata da dama na irin aikin da nake so, na ga kalmomin da ke maimaituwa: `pompage solaire`, `forage`, `AEP` wato aikin samar da ruwan sha, `maintenance`, da `WASH` wato aikin ruwa da tsafta. Na tabbatar kowace ta shiga rubutun Faransancin, amma a cikin jimla, inda take da aiki. Na ga masu jera kalmomi talatin a ƙasan rubutunsu da alama tsakaninsu. Wataƙila na'ura ta ji daɗinsu, amma mutum ne zai kira ka. Wani abin da na guje wa shi ne haruffan ado. Akwatin ba shi da wurin kaurara rubutu, sai wasu su je su kwafo haruffa masu kauri ko masu lanƙwasa daga wani wuri su liƙa. Ido yana ganinsu kamar haruffa, amma a wajen na'ura alamomi ne dabam, mai bincike yana iya buga kalmar bai same ka ba, wasu wayoyin kuma ƴan akwatuna kawai suke nunawa. Sarari tsakanin sakin layi ya isa ado.

Sakin ƙarshe ma sai da na yi gardama da kaina. Faɗin "ina neman aiki" a fili yana da nauyi, kamar kana shelar cewa ba ka da abin yi. Amma in ban faɗa ba, mai karatu zai gama ya ce madalla, ya wuce. Abin da na yi shi ne na ƙayyade buƙatar sosai: wane aiki, a wace jiha, a wane irin wuri. Na kuma ba shi ƙaramin abin da zai nema, wato samfurin rahoto, domin ya fi sauƙi mutum ya rubuto "turo mini rahoton" da ya rubuto "zo ka kama aiki". Lambar wayata ban sa a ciki ba. Duk wanda ya buɗe shafin zai iya ganin abin da ke akwatin, kuma akwai masu bin irin waɗannan lambobi suna kira da cewa an ɗauke ka aiki, ka turo jika kaza kuɗin dosiye. Wanda yake da gaske saƙo zai aiko, in mun fahimci juna in ba shi lambar.

Da na gama sai gwaji. Na liƙa rubutun, na ajiye, na ari wayar wani abokina a fada na buɗe shafin daga can don in ga daidai inda ya yanke. A tawa wayar jimla ta biyu ta fito duka, a tasa ta yanke a tsakiya, don haka na rage kalmomi a ta farko. Sannan na miƙa wa wani tela da muke zama tare, wanda ya yi lakkwal amma bai san komai a kan famfo ba, na ce ya karanta abin da ya fito kawai kada ya danna, ya faɗa mini me nake yi. Ya ce, "Kana gyaran famfon rana a ƙauye, kuma kai ne mai gano abin da ke kashe shi." Na ce ya danna ya karanta har ƙarshe, me nake so? Ya ce aiki tsayayye a nan jiharmu. Da ya ce mini "kai mutumin kirki ne mai ƙoƙari", da na san rubutun bai yi ba. Faransancin kuma na ba wata malamar makaranta ta duba mini, na roƙe ta ta gyara kuskuren rubutu kawai, kada ta ƙawata jimlolin, saboda ranar ganawa da bakina zan yi magana, kuma ya kamata muryar da aka karanta ta zama ita za a ji.

Kada a ɗauka wannan akwati shi ke ba da aiki. A nan har yanzu yawancin aiki ta dosiye yake zuwa, da sanarwar da aka liƙa, da wanda ya san ka ya faɗi sunanka. LinkedIn yana nuna maka sau nawa ka fito a binciken mutane cikin mako, nawa ya ɗan ƙaru bayan na sa kalmomin nan, amma adadin bai taɓa zama abin a zo a gani ba. Saƙon da ya zo daga wani injiniya ne na wani kamfani da ke da kwangilar kula da ƙananan tashoshin ruwa, wanda dosiyena ya riga ya isa teburinsa ta hanyar da aka saba. Ya nemi rahoton, na tura. Ranar ganawa bai tambaye ni takardun karatu ba, tambayarsa ta farko ita ce me ya sa na rage gudun famfon maimakon in ƙara saukar da shi ƙasa. Na ce masa ya riga ya kusa kai wajen tagogin bututun rijiyar, in na ƙara saukar da shi yashi zai sha, kuma ko an saukar da shi ruwan da rijiyar ke bayarwa a awa ba zai ƙaru ba. Muka shafe yawancin lokacin a kan wannan rijiya ɗaya.

Yanzu da na kama aiki da su na koma akwatin na canja sakin ƙarshe, tunda barin "ina neman aiki" a shafin mutumin da ke da aiki yana sa maigida tunani. Na mayar da shi cewa ina son haɗuwa da masu irin sana'ata a Maradi da Difa don mu riƙa musayar abin da muka gani a rijiyoyinmu. Na farko da labarin rijiyar na bar su yadda suke, sai dai bazara biyu ta koma uku bayan na sake kiran shugaban kwamitin.